Babi na Shida: Daga Allunan Majigi Zuwa Shafi Ɗaya

“Na yi masu bayani, sun tafa mini, sannan suka ce in aiko da shi a rubuce, shafi ɗaya kacal. To, me zan bari, me zan zubar?”

Duk matashin da ya taɓa tsayawa gaban masu zuba jari, ko a zauren wata gasa a Yamai ko a ofishin banki a Tawa, ya san wannan tambayar. Ya kwana yana gyara alluna goma sha biyu a PowerPoint, da hotuna da zane-zane masu launi, yanzu kuma an ce ya mayar da su takarda guda. Abin da akasari ake yi shi ne a kwaso rubutun kowane allo a jera shi, a ƙanƙanta haruffa har sai ya shiga shafin. Sakamakon ba ya karantuwa, kuma dalilin ba ƙanƙantar haruffa ba ne kawai.

Za mu bi aikin nan da misali guda daga Tsarnawa, mahaɗar da hanyar Tawa ta rabu da babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi, ƴar tazara gabas da Birnin Ƙonni, inda manyan motoci ke lodin albasar yankin zuwa Gana da Kodebuwa.

Me ya sa alluna ba sa tafiya su kaɗai?

An tsara allunan majigi ne don a gan su ana magana. Wani Ba'amurke mai harkar zuba jari, Guy Kawasaki, ya yi suna da ƙa'idar da ya bayar: alluna 10, minti 20, haruffa kada su gaza girman 30. Haruffa masu wannan girma ba sa barin wuri sai na kalmomi kaɗan, don haka allo mai kyau yakan ɗauki abu kamar “Asara: kashi 40” da hoton ruɓaɓɓiyar albasa, shi ke nan. Sauran bayanin yana bakin mai gabatarwa: asarar me, a cikin wata nawa, wa ya ƙirga, kuma me ya haɗa wannan da allo na gaba. Kalmomin da ke ɗaure hujja, irin su “saboda”, “don haka”, “amma”, ba a rubuta su a allo, faɗarsu ake yi.

Takardar shafi ɗaya kuwa kamar lodi ce da ka ɗora wa mota zuwa Kumasi ba tare da ka bi ta ba: duk buhun da ba ka ɗinke bakinsa ba zai zube a hanya, kuma ba ka nan balle ka tattara. Wanda ka yi wa bayani ba lalle ne shi kaɗai zai yanke shawara ba. Zai tura takardar ga abokin aikinsa, ko ya kai ta gaban kwamiti, kuma waɗannan mutanen ba su taɓa jin muryarka ba. Wataƙila ma a waya za su karanta ta, tsakanin saƙonni biyu.

Shi ya sa matakin farko ba ya buƙatar kwamfuta. Ka ɗauki wayarka, ka naɗi muryarka kana gabatar da allunan kamar yadda ka yi a zauren, sannan ka saurara da biro a hannu. Jimlolin da ka faɗa lokacin da kake wucewa daga wani allo zuwa wani, su ne ƙashin bayan takardar.

Misalinmu

Mu ɗauka wata ƙungiyar manoman albasa ce a Tsarnawa, mai mambobi 25. Ƙungiyar da alƙalumanta duk na misali ne, na tsara su don lissafi ya fito sarari. Wanda zai rubuta tasa takardar dole ya sa farashin da ya gani da idonsa a kasuwa. Amma matsalar da suke son magancewa ta gaske ce, kowa a yankin ya san ta. A watannin Maris da Afrilu albasa kan fito gaba ɗaya daga Galmi da fadamun Ƙonni da kewaye, farashi ya faɗi, manomin da bashi ke wuyansa ya sayar a yadda aka taya. Bayan an shiga damina kaya ya yi ƙaranci, farashi ya tashi, sai dai wanda ya ajiye a rudu yakan tarar zafi da laima sun cinye masa kaso mai yawa.

Ƙungiyar tana son gina mangaza mai shan iska da za ta ɗauki buhu 1,000. Allunanta goma sha biyu ne: sunan ƙungiya da tambari, matsalar ruɓewa, hoton mangazar da za a gina, taswirar Afirka ta Yamma da kibiyoyi, girman kasuwar albasa, tarihin albasar Galmi, gwajin da suka yi bara, masu irin wannan sana'a, hotunan shugabanni, hasashen riba na shekara biyar, kuɗin da ake nema, da allon godiya.

Ka lura da inda kuɗin da ake nema ya faɗo: allo na goma sha ɗaya. A zaure wannan daidai ne, domin mai magana yana jan hankali ne a hankali har ya iso wurin. A takarda dole a juya tsarin.

Abin da ake nema shi ke hawa sama

Mai karanta takardar yana da tambaya ɗaya kafin kowace: wannan abin nawa ne ko ba nawa ba ne? Bankin noma na BAGRI bashi yake bayarwa, zai duba jingina da lokacin biya. Kamfanin zuba jari irin Sinergi da ke Yamai hannun jari yake shiga a ƙananan kamfanoni, zai duba yadda kamfanin zai girma da yadda shi zai fita. Asusun FISAN, wanda gwamnati ta kafa a 2017, yana da nasa sharuɗɗan na tallafa wa harkar noma. Alhajin da ke fataucin albasa zuwa Abijan kuma wata irin tambaya ce a ransa dabam. Idan layuka uku na farko ba su faɗi ko ku su wane ne, nawa kuke nema, kuma a wane sharaɗi ba, babu ɗayansu da zai san ko ya ci gaba da karatu.

Saboda haka allo na 1 da na 11 suna haɗuwa su zama sakin layi na farko. Kuma “muna neman tallafin masu hannu da shuni” ba buƙata ba ce. Buƙata ita ce adadi, da abin da za a yi da shi, da yadda zai koma. Wannan yana nufin takarda ɗaya ba za ta yi wa kowa ba. Jikinta na iya zama iri ɗaya, amma sakin layi na farko da na ƙarshe sai an sake su ga kowane mai kuɗi.

Allunan da za a bari a gida

Taswirar kibiyoyi ta tafi. Tarihin albasar Galmi ma ya tafi, ko da yake na san wannan yana da ciwo, domin abin alfahari ne kuma sunan Galmi ya kai ko'ina a kasuwannin bakin teku. Amma rabin jimla ya ishe shi. Allon girman kasuwa shi ne ya fi yaudara. Cewa Nijar na cikin manyan masu fitar da albasa a Afirka ta Yamma gaskiya ne, sai dai bai gaya wa mai jari ko wa zai sayi buhu 800 na wannan ƙungiya a watan Satumba ba. Sunan kasuwa guda da ƴan kasuwa biyu da suka riga suka saya bara ya fi dukan taswirar nauyi.

Hasashen shekara biyar yana raguwa zuwa shekara ɗaya da aka yi wa lissafi tsaf. Hotunan shugabanni suna zama jimla biyu, ba na muƙamai ba, na abin da mutum ya taɓa yi: wane ya shekara nawa yana tantance albasa, wace ce ke riƙe da littafin kuɗi.

Allo na 7 kuma, gwajin bara, wanda a zaure aka wuce shi cikin minti ɗaya, shi ne zai ci wuri mafi girma. Shi kaɗai ne allon da ke faɗin abin da ya riga ya faru. Duk sauran alkawari ne.

Inda lissafi ke tona asiri

A nan nake so mu daɗe, domin a nan ne yawancin takardu ke faɗuwa. Alluna suna ɓoye saɓani, saboda tsakanin allo na 2 da na 10 akwai minti goma sha biyar na magana, kuma ba mai riƙe alƙaluma a ka. A shafi ɗaya duk alƙaluman suna kallon juna, mai karatu kuma yana da na'urar lissafi a wayarsa.

Ga yadda abin yake a misalinmu. Allo na 7 ya ce bara sun sayi buhu 200 a kan sefa 15,000 kowane, wato miliyan 3. Bayan wata biyar a wani ɗan ɗaki da suka gyara, da aka tsince ruɓaɓɓu aka sake cika buhuna, 160 suka rage. Sun sayar a kan 35,000, suka samu miliyan 5.6. Leburori da gadi da sababbin buhuna sun ci 600,000. Riba miliyan 2. Asarar ajiya ke nan kashi 20 cikin ɗari.

Allo na 10 kuma ya ce bana za su sayar da buhu 1,000 a kan 35,000, su samu miliyan 35. An manta da asarar. Buhu 1,000 za su shiga mangaza, amma bisa gwajinsu na kansu 800 ne za su fito, kuma 800 sau 35,000 miliyan 28 ne. Ba ƙarya suka yi niyya ba, mutum biyu ne suka shirya allunan a ranaku daban-daban. Amma mai jarin da ya gano giɓin miliyan 7 da kansa ba zai ƙara yarda da ko lamba ɗaya a shafin ba.

Maganin shi ne, kafin a rubuta jimla ko ɗaya, a kwashe duk wata lamba da ke cikin allunan a jera su a farar takarda, kowace da ma'auninta da asalinta. Buhu nawa, kuma wane buhu, tunda buhun albasa ba nauyinsa ɗaya ba daga kasuwa zuwa kasuwa, har ma daga lokacin girbi zuwa lokacin tsada. Farashin wane wata, a wace kasuwa, a bakin gona ko bayan an loda. Sannan a rubuta kuɗi da sefa cikakke. A bakin kasuwa ana cewa jika goma sha biyar kowa ya gane, amma idan takardar za ta tsallaka zuwa Illela ta Najeriya ko Sakkwato, mai karatu yana tunani da naira ne, sai a faɗa masa a fili cewa sefa ce.

Da aka daidaita, lissafin bana ya zama haka: sayen buhu 1,000 miliyan 15, ɗawainiya miliyan 3, jimla 18. Sayarwa miliyan 28. Riba miliyan 10. Ginin mangaza miliyan 12 ne, don haka aikin gaba ɗaya miliyan 30. Ƙungiya tana da miliyan 6 nata, tana neman 24.

Akwai kuma lambar da babu ita a ko wane allo, amma ita ce mai jari zai fara lissafawa: farashin da idan aka sauka ƙasa da shi an yi asara. Raba miliyan 18 gida 800, ka samu 22,500. Idan kuma ajiyar ta ɓaci har asara ta kai kashi 40, buhu 600 za su fito, lambar ta haura zuwa 30,000. Tunda za a riƙa mayar wa mai jari da miliyan 6 duk shekara har shekara 4, to ko da asara ta tsaya a kashi 20, sai buhu ya kai 30,000 kafin ribar shekara ta iya biyan wannan kaso. A ganina waɗannan lambobi dole su shiga shafin, ko da an fitar da wani abu don su sami wuri. Wanda ya rubuta su ya nuna ya san inda sana'arsa za ta iya karyewa.

Haɗarin da ba a sa a allo

A gaban majigi mutum yakan guji maganar haɗari, don kada ya sanyaya zaure. A takarda shirun nan yana cutarwa, musamman a sana'ar da ta dogara da iyaka. Ƴan kasuwar Ƙonni sun ga yadda Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 har zuwa Disamban 2020, sun kuma ga takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023 da abin da ya yi wa hanyar Bene. Albasa ba ta jiran a buɗe shinge. Duk mai kuɗin da ke Nijar ya san wannan, don haka idan takarda ta yi shiru a kai, zai ɗauka ko dai mai ita bai sani ba, ko kuma yana ɓoyewa. Jimla biyu sun isa: ga haɗarin, ga abin da muka tanada.

Ga takardar

Yanzu a duba yadda alluna goma sha biyu suka koma. Kan takardar yana ɗauke da sunan ƙungiya, Tsarnawa, da kwanan wata, sannan:

“Mu ƙungiyar manoman albasa ce mai mambobi 25 a Tsarnawa, cikin gundumar Birnin Ƙonni. Muna neman sefa miliyan 24 don gina mangaza mai shan iska ta buhu 1,000 da kuma cika ta a girbin bana. Za mu mayar da kuɗin cikin shekara 4, miliyan 6 kowace shekara, tare da kashi ɗaya cikin biyar na ribar kowace shekara.

“Manomanmu suna sayar da albasar Galmi a watan Afrilu, lokacin da ta fi araha, saboda wadda aka ajiye a rudu tana ruɓewa kafin farashi ya tashi. Bara mun gwada wata hanyar ajiya da kuɗinmu. Mun sayi buhu 200 a kan 15,000, bayan wata biyar 160 suka fito lafiya, muka sayar wa fatake biyu masu kai kaya Kumasi a kan 35,000. Bayan ɗawainiyar 600,000, ribarmu miliyan 2 ce. Littafin shiga da fita yana nan ga mai son dubawa.

“Bana za mu ninka wannan sau biyar. Gini zai ci miliyan 12, sayen kaya 15, ɗawainiya 3, jimla miliyan 30, kuma 6 daga ciki namu ne. Idan asara da farashi suka tsaya kamar bara, buhu 800 za su kawo miliyan 28, riba miliyan 10. Ba za mu yi asara ba sai buhu ya sauka ƙasa da 22,500, kuma ribar shekara za ta biya miliyan 6 ɗinku muddin ya kai 30,000.

“Babban haɗarinmu biyu ne: ruɓewa da rufe iyaka. Ana juya kayan ana tsince su duk mako, kuma za mu sayar kashi uku tsakanin Agusta da Oktoba, wani sashe ga masu kai wa Yamai. Mai kula da mangazar ya shekara 12 yana tantance albasa a kasuwar Tsarnawa, ma'ajiyarmu kuma ita ta riƙe lissafin bara.

“Dole gini ya ƙare kafin ƙarshen Fabrairu, don haka muna roƙon ganawa ta awa ɗaya a cikin wannan wata, a Tsarnawa idan zai yiwu, domin ku ga ɗakin gwajin.”

A ƙasa sai sunan mutum ɗaya da lambar waya ɗaya. Duka bai kai kalma 350 ba, zai shiga takardar A4 da haruffa masu girman 11, har a sami farin wuri a gefe.

Duba sau nawa “saboda” da “don haka” da “idan” da “muddin” suka bayyana. Babu ɗaya daga cikinsu a allunan, daga muryar da aka naɗa aka tsamo su. Duba kuma abin da ya ɓace: babu “gagarumin aiki”, babu “kawo ƙarshen talauci”. Idan mai kuɗin hukumar raya ƙasa ce da ke son sanin amfanin aikin ga jama'a, sai a ba ta shi ma da lamba, misali manoma nawa za a saya wa kuma mata nawa za su yi aikin tsinta.

Sakin layi na ƙarshe shi ya maye gurbin allon godiya. Yana da wa'adi, kuma wa'adin yana da dalili na gaske, domin mangazar da aka gama a watan Mayu ta rasa girbin shekarar.

Gwaji kafin a aika

Ka ba wanda bai halarci gabatarwar ba, bai kuma san aikin ba, ya karanta sau ɗaya. Karɓe takardar, ka tambaye shi abu uku: nawa ake nema, me aka riga aka yi, yaya kuɗin zai koma. Idan ya tsaya yana tuna ɗaya, sakin layin da ke ɗauke da amsar bai yi ba.

Gwaji na biyu ya fi tsanani. Ofisoshin banki da na masu zuba jari a Nijar da Faransanci suke yawancin aikin takardu, don haka mai yiwuwa wani ɗan boko ne zai rubuta ta ƙarshe. Kafin a aika, a karanta ta da Hausa gaban dattawan ƙungiya. Idan wani ya ce, “A'a, ɗana, 160 ɗin nan ai har da buhu goman da muka raba wa mambobi,” to an tsira daga kunya, domin mai jarin da ya zo Tsarnawa shi ma wannan dattijon zai tambaya. A gyara lambar, a koma a gyara ta a allunan ma, don kada takarda ta ce abu kaza majigi ya ce wani.

Daga nan a mayar da ita PDF, saboda kada tsarinta ya wargaje a waya, a ba fayil ɗin suna mai ɗauke da sunan ƙungiya da wata, a buɗe shi a ƙaramar waya a gani ko yana karantuwa ba tare da wahala ba. Kada a haɗa allunan a saƙo ɗaya sai an nema.

Idan takardar ta yi aikinta, amsar da za ta zo ba kuɗi ba ce tukuna. Za a ce a aiko da lissafin shiga da fitar kuɗi wata-wata. A sana'ar albasa wannan yana da wuyarsa, domin miliyoyi suna fita tun daga Janairu zuwa Afrilu, kuma ko dala ba ta shigowa sai Agusta. Yadda ake tsara wannan jadawalin, da yadda ake nuna wa mai jari cewa ƙungiya za ta iya biyan mai gadi da masu tsinta a watannin da babu ciniki, shi ne aikin babi na bakwai.